Kwana uku ake da su bayan ɓari ko haihuwa

A Daura da ƙauyukan da ke kewaye da ita, daga Sandamu zuwa Zango da Baure da Mai'adua, in mace ta yi ɓari abin da ake tambaya ɗaya ne: jinin ya tsaya? In ya tsaya, sai a yi mata sannu, a dama mata kunu, a ce Allah Ya kawo mai albarka. In bai tsaya ba a kai ta asibiti a yi mata wankin ciki, a rubuta maganin ƙarin jini, a sallame ta. Ga mafi yawan mata hakan ya wadatar. Amma akwai wasu 'yan kaɗan, kusan biyar cikin kowace ɗari a ƙasar nan, waɗanda a cikin kwana ukun da suka biyo bayan wannan ɓari ake iya yanke wa 'ya'yan da ba su ma ɗauki cikinsu ba hukunci. Su ne matan da jininsu yake negetif. A aikina na unguwarzoma na ga abin da rashin allura guda, wadda ake kira anti-D, yake jawo musu, kuma ra'ayina shi ne bai kamata a ƙara sallamar wata mace daga ɗakin haihuwa ko ɗakin wankin ciki ba sai an san rukunin jininta har da alamar da ke gabansa.

Wannan alama ita ce ake yi wa riƙon sakainar kashi. Ka tambayi mace rukunin jininta, in ma ta sani, sai ta ce maka "O ne," ko kuma ta ce "AA ne," domin wayar da kai a kan sikila ta sa jama'a sun ɗauka gwajin jini ɗaya ne. Gwajin sikila daban, rukunin jini daban. A takardar rukunin jini akwai harafi, A ko B ko AB ko O, sannan a gabansa akwai alamar ƙari ko ta ragi, kamar O+ ko O−. Alamar tana nuna ko jajayen ƙwayoyin jinin mutum suna ɗauke da wani sinadari a bayansu, wanda likitoci ke kira D, na rukunin Resus. Mai shi fozitif ne, marar shi negetif. Ba cuta ba ce, ba ta sa ciwon kai ko kasala, kuma mutum zai rayu shekara tamanin da ita bai san yana da ita ba. Gado ce daga iyaye. A cikin Turawa kusan sha biyar cikin ɗari ne negetif, mu kuwa namu bai kai haka ba, kuma ina ganin ƙarancin nan ne ya sa muka yi sakaci.

Matsalar tana tasowa ne in uwa negetif ce, abin da ke cikinta kuma ya gado fozitif daga ubansa. Tunda kusan duk mazanmu fozitif ne, mafi yawan cikin da irin wannan mace za ta ɗauka haka zai kasance. A lokacin goyon ciki jinin uwa da na ɗan tayi ba sa cuɗanya, mabiyiya ce take raba su. Amma in mabiyiya ta ɓalle, ko ta yi rauni, ko aka sa ƙarfe aka kankare mahaifa, ɗan jinin tayin yakan kutsa cikin jinin uwa. Ba sai da yawa ba, abin da bai kai ɗigo kaɗan ba ma yana iya isa. Garkuwar jikinta sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, ta ɗauke shi baƙo, ta fara ƙera makaman yaƙarsa. Aikin yana ɗaukar makonni ko watanni, shi ya sa jaririn da ya jawo abin yawanci yakan fita lafiya ƙalau. Sai dai garkuwar jiki kamar mai gadin ƙofa ce da ba ya manta fuska: wanda ya taɓa kamawa, ko bayan shekara goma ya dawo zai gane shi. In ta sake ɗaukar cikin fozitif, makaman nan suna ƙaruwa da sauri, kuma a wannan karon irin waɗanda ke iya ratsa mabiyiya ne. Sai su shiga jikin ɗan tayi su riƙa farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini tun yana ciki.

Bari in bi misali ɗaya daki-daki, irin wanda duk wadda ta daɗe a ɗakin haihuwa ta sani. Yarinya ce aka aurar tana da shekara sha takwas, jininta B−, mijinta O+, ba wanda ya sani cikinsu. Ta ɗauki cikin fari, kunya ta hana ta faɗa, ballantana ta je awo. Yana da wata huɗu jini ya ɓalle mata da daren Juma'a. Da safe aka ɗauko mai keke aka kai ta asibiti, aka ga saura a mahaifa, aka yi mata wankin ciki. An duba yawan jininta, an ga bai yi ƙasa sosai ba, saboda haka ba a bukaci ƙarin jini ba, kuma da yake ba za a ƙara mata jini ba, ba wanda ya nemi rukuninta. Ranar Lahadi tana gida. Daren Litinin awa 72 ta cika, ba wanda ya lura, domin babu abin lura: ba zazzaɓi, ba ciwo, ba wata alama.

Bayan shekara ta sake samun ciki, ta haihu a gidan iyayenta inda aka kai ta goyon ciki. Namiji, ya yi kuka, aka yi guɗa. Kafin ya kwana ɗaya idonsa ya fara yin rawaya. Kakarsa ta ce shawara ce, kowane jariri yana yi, a riƙa fitar da shi hantsi. Da ya kwana uku sai ya daina kama nono, kukansa ya koma wani siriri mai tsini, yana banƙarewa ta baya. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin jinin da ake farfasawa suna sakin wani sinadari mai ruwan ɗorawa, hantar jariri ba ta iya kwashe shi da saurin da yake taruwa, in ya wuce ƙima kuma sai ya haye ƙwaƙwalwa. Jaririn da ya kai wannan mataki ko dai ya rasu, ko ya rayu da kurumta, ko da sanƙarewar gaɓoɓi ya kasa zama da tafiya. Ciki na uku ya fi muni. Tun yana wata bakwai cikin ya yi girman da ya wuce watanninsa, motsi ya ragu, hoton ciki ya nuna ruwa ya taru a cikin ɗan tayin da ƙirjinsa da ƙarƙashin fatarsa, saboda jininsa ya ƙare har zuciyarsa ta gaza. Aka haife shi babu rai, a kumbure. A lokacin ne aka tura jininta ɗakin gwaji, aka ga B−, aka yi mata gwajin Coombs, sakamako ya nuna makaman garkuwar sun cika jininta. Daga nan sunanta ya koma mai wabi, dangin miji suka fara maganar iska da sammu, wasu kuma suka fara yi masa zancen ƙarin aure a gabanta.

Abin da ya kamata a yi mata ranar Asabar ɗin farko bai fi aikin rabin awa ba. A ɗiga jininta a kan farantin gwaji a ga B−. A ɗauki wani a yi gwajin Coombs don a tabbatar ba ta riga ta ƙera makaman ba. Sannan a yi mata allurar da ake rubutawa anti-D, a dantse ko a cinya, kafin awa 72 ta cika daga lokacin da jinin ya fara zuba. Allurar nan makamai ne irin waɗanda jikinta zai ƙera, amma an tace su daga ruwan jinin wasu mutane. Suna manne wa ƙwayoyin jinin tayin da suka shigo, saifa ta kwashe su tun garkuwar uwar ba ta koyi gane su ba. Bayan 'yan watanni su ma makaman aron su narke su fita, jikinta ya koma kamar bai taɓa haɗuwa da komai ba. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1939 Levine da Stetson suka bayyana matsalar a jikin wata mai jego, a 1940 Landsteiner da Wiener suka raɗa wa rukunin suna daga birin da suka yi gwaji da jininsa, kuma a 1968 allurar ta shiga asibitoci bayan aikin da likitoci suka yi a Liverpool da New York. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan. Kafin ita, kusan sha shida cikin ɗari na matan negetif da suka haifi fozitif sukan kamu. Allurar bayan haihuwa ta mayar da adadin ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, da aka ƙara wata a mako na 28 na ciki kuma ya faɗi ƙasa da ɗaya cikin ɗari nesa ba kusa ba.

Inda nake son in daɗe shi ne abin da ke kiran allurar, domin ko a cikin waɗanda suka san ta, da yawa sun ɗauka ta haihuwa ce kawai. Haihuwa ce babbar ƙofa, musamman in da tiyata aka yi, ko mabiyiya ta maƙale aka sa hannu aka ciro ta, ko aka haifi ɗan babu rai. Amma duk abin da zai iya tura jinin tayi cikin na uwa ƙofa ne. Ɓari bayan wata uku yana ciki. Wankin ciki yana ciki ko cikin wata nawa ne. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa aka yi masa tiyata yana ciki. Zubar jini a tsakiyar ciki ko ƙarshensa yana ciki, ko da jinin ya tsaya da kansa kuma ɗan yana motsi lafiya. Haka in mai ciki ta faɗo daga babur a hanyar kasuwa, ko ta zame a bakin rijiya ta bugu a ciki, ko dabba ta tunkuye ta, ko kuma, abin da ba a son faɗa, miji ya doke ta. Haka nan in ɗa ya zo a gicciye ko ta ƙafa likita ya juya shi ta waje da hannu. Wannan na ƙarshe ya kamata ya tsaya mana a rai, domin a ƙauyukanmu akwai tsofaffi masu murza ciki su gyara kwanciyar ɗa, kuma ba wanda yake tunanin allura bayan hakan.

Akwai wurin da likitoci ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, kuma gara a faɗe shi yadda yake. In cikin bai kai mako 12 ba, ya zube da kansa gaba ɗaya, ba a sa ƙarfe ba, jinin tayin kaɗan ne ƙwarai, wasu ƙasashe ba sa ba da allurar a nan, wasu suna bayarwa. Haka kuma ba kowace mace negetif da ta yi ɓari ba allura take kamuwa ba, kaɗan ne daga cikinsu. Amma a wurinmu mace nawa ce ta san makonnin cikinta daidai? Wadda ta ce wata biyu, sau da yawa hoto yakan nuna wata huɗu. Kuma wadda ta kamu ta kamu har abada. Shi ya sa nake ganin in ana shakkar watanni, a yi allurar.

Game da yawanta, kwalbar da aka fi samu a nan ita ce mai maikirogiram 300, wadda a jikin kwalin za ka ga an rubuta 1500 IU. Tana iya share jinin tayi har mililita 30, kuma hakan ya ishi kusan kowace haihuwa. A farkon ciki ƙasa da haka ma ya isa, amma in babbar ce kaɗai a hannu ita ake yi, ba ta da illa don ta yi yawa. Inda take gazawa shi ne in jinin da ya ratsa ya wuce wannan ƙima, kamar bayan mummunan haɗarin mota ko ɓallewar mabiyiya. Akwai gwajin da ake kira Kleihauer, wanda ke ƙirga ƙwayoyin tayi a cikin jinin uwa don a san ko za a ƙara kwalba, kuma irin wannan mace ya kamata a tura ta inda za a iya yi mata shi. In kuma an haihu, sai a ɗebi jini daga cibiya a duba rukunin jaririn. In ya fito negetif kamar uwarsa, ba a bukatar allura, kuɗin maigida sun huta. In ba a samu damar dubawa ba, kada a jira, a yi mata.

Abu uku ke lalata wannan aiki ko bayan an san mace negetif ce. Na farko lokaci. Al'adarmu ta sa hankalin gida duka ya tafi ga kwana na bakwai. Ana neman rago, ana ɗinkin fitar suna, ana haɗa itacen wankan jego, mai jego kuma ba ta fita. Na sha jin uwar miji tana cewa, "Malama, ai lafiyarta lau, ki bari a yi suna tukuna mu kawo ta." Amsar da nake ba ta ita ce, "Hajiya, wannan allura ba ta ciwon yau ba ce, ta jikan da za ta haifa miki nan gaba ce, kuma ba ta jiran suna." In an haihu da la'asar ɗin Talata, zuwa la'asar ɗin Juma'a lokacin ya cika. Duk da haka, in an makara kada a ce shi ke nan. Har zuwa kwana goma akwai sauran amfani, ko da bai kai na kwana ukun farko ba, don haka wadda ta zo ranar biyar ko ta shida a yi mata.

Na biyu ajiya. Allurar nan daga jinin mutane aka yi ta, tana bukatar sanyin firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma ba a barin ta ta daskare. A watan Afrilu zafin Katsina yana haura digiri 40. Maigida ya je kemis ya saya da kuɗi masu yawa, ya jefa a aljihun riga, ya hau mota zuwa Daura, ya tsaya salla a hanya. Ko kuma kemis ɗin kansa ya kwana uku babu wuta. Ruwan da ke cikin kwalbar zai iya zama garau a ido alhali ƙarfinsa ya ragu, kuma ba za a gane ba sai ciki na gaba. Wanda zai saya ya tafi da kula da ƙanƙara, ya naɗe kwalin a tsumma don kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, ya ga an ciro shi daga firij mai aiki da idonsa, ya duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC.

Na uku shi ne zaton cewa sau ɗaya ake yi. Wannan ba kamar rigakafin ƙyanda ba ce mai kariyar shekaru. Ƙarfinta yana bin jiki ya ƙare cikin makonni, saboda haka kowane ciki da nasa, kowane ɓari da nasa. Wadda aka yi wa a mako na 28 za a sake yi mata bayan haihuwa in ɗan fozitif ne. Wadda jini yake ta ɗigar mata a kai a kai bayan wata uku, ana maimaita mata duk bayan mako shida. Kuma a rubuta ranar a katin awo, domin ragowar allurar tana iya bayyana a gwajin Coombs na wasu watanni, ma'aikacin da bai san an yi ba sai ya ɗauka matar ta riga ta kamu, ya hana ta allurar da take bukata.

Ita kuwa wadda ta riga ta kamu, irin yarinyar misalinmu, allurar ba ta da abin da za ta yi mata. Wannan yana da zafin faɗa, amma na ga magidanta sun sayar da dabba sun sayo kwalba bayan wabi na biyu, suna zaton magani ce. Abin da ya rage wa irin wannan mace shi ne awo a babban asibiti tun farkon ciki, inda za a riƙa auna yawan makaman a jininta, a riƙa duba gudun jini a jijiyar kan ɗan tayi da na'urar hoto don a gane ko jininsa yana ƙarewa, a shirya haihuwar kafin lokaci in ta kama, da jinin negetif a ajiye. Ta haihu a inda akwai fitilar shuɗin haske ta jarirai da masu iya yi wa jariri canjin jini, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Da irin wannan kulawa 'ya'ya da yawa suna rayuwa. In mijin kuma ya gaji fozitif daga ɓangare ɗaya ne kawai na iyayensa, kowane ciki yana da rabin damar zuwa negetif, wanda makaman ba za su taɓa shi ba. Amma a kwatanta wahalar wannan hanya da kuɗinta da kwalba ɗaya da aka rasa a farko.

Kada kuma a fahimce ni a baibai. Ba kowane wabi ne daga nan yake ba, kuma ba kowace shawarar jariri ba. Akwai ta saɓanin rukunin O da A ko B, akwai ta ƙwayoyin cuta da suka shiga ta cibiya, akwai ta yaran da jininsu ke farfashewa in aka ajiye kayansu da kafur. Abin da ya kamata kowace uwa da kaka su riƙe shi ne shawarar da ta fito a ranar farko ta haihuwa ba ta hantsi ba ce, ta asibiti ce a ranar. Haka nan kasancewar yarinya negetif ba dalilin fasa aure ba ne. Na ji inda aka so a raba baiko saboda takarda ta nuna amarya O− ango O+, aka ɗauka irin matsalar AS da AS ce. Ba ɗaya ba ne ko kusa. Wannan tana da rigakafi, in an bi shi za ta haifi 'ya'yanta goma lafiya da iznin Allah.

Na san abin da masu tsara kasafin lafiya za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Zubar jini da jijjiga da zazzaɓin cizon sauro sun fi wannan kashe mata da jarirai nesa, kuɗi kuma ba su da yawa, allurar daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala. Don me za a ɗaure kuɗi a firij saboda mace biyar cikin ɗari? Amsata ta farko ita ce gwajin kansa ba shi da tsada, kuma ba don wannan matsala kaɗai ake bukatarsa ba. Macen da ta fi kowa shiga haɗari in jini ya ɓalle mata ita ce negetif, domin jininta ne ake wahalar samu. In an san ta tun awon farko, za a nemo masu irin jininta a dangi tun kafin ranar. In ba a sani ba, cikin gaggawa ana iya ƙara mata jinin fozitif, kuma leda guda ta irin wannan jini ta fi kowane ɓari saurin tayar da garkuwarta, kwalba ɗaya kuwa ba ta isa ta share ta ba. Wannan ya shafi har yarinya ƙarama da aka ƙara wa jini saboda zazzaɓi ko sikila tun ba ta san aure ba.

Amsa ta biyu lissafi ce. A ɗauki asibitin da mata ɗari biyu ke haihuwa a wata. Goma ne kawai daga cikinsu za su zama negetif, a ƙara masu ɓari da zubar jini, abin bai wuce kwalabe 'yan kaɗan a wata ba. Wannan ba nauyin da zai gagari jiha ba ne, amma nauyi ne mai karya magidanci in ya faɗo masa shi kaɗai, da dare, cikin kwana uku, bayan ya riga ya biya kuɗin gado da magani. Ga shi kuma matanmu ba 'ya'ya biyu suke haifa su tsaya ba. Baturiyar da ta kamu a cikinta na biyu wataƙila ta gama haihuwa. Yarinyar Baure da ta kamu tana da shekara sha takwas tana da shekara ashirin da ɗoriya na haihuwa a gabanta, kowane ciki yana iya fin na baya muni. Ƙarancin masu negetif a cikinmu bai rage girman asarar ba, yawan haihuwarmu ninka ta yake yi.

Abin da nake nema daga ma'aikatar lafiya ta jiha da shugabannin asibitoci bai da yawa. A mayar da gwajin rukunin jini da alamarsa wajibi a awon farko har a ƙananan asibitocin ƙauye, a rubuta shi da jan biro a fuskar kati, a kuma gaya wa matar da baki cikin Hausa abin da yake nufi, da mijinta in ya zo. A sa shi cikin ƙa'idar wankin ciki, ta yadda ba za a sallami mace ba sai an cike gurbin. A ajiye anti-D a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, cikin firij mai aiki da hasken rana irin wanda ake ajiye alluran rigakafin yara, wanda da ma akwai shi a wurare da yawa, kuma mabuɗin ya kasance a hannun mai aikin dare da na ƙarshen mako. A shigar da kuɗinta cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. Tunda kuma mafi yawan matanmu a gida suke haihuwa, a koya wa unguwarzoma ta gargajiya abu ɗaya tak: in ta ga jan rubutu a katin mace, ta tura ta asibiti washegarin haihuwa ko ɓari, ko da lafiyarta ƙalau.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannun iyaye da mazaje. Uwar da ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki ta sa a duba mata rukunin jini kafin a kai ta, ta adana takardar. Maigidan da aka gaya wa matarsa negetif ce ya tambaya tun cikin yana ƙarami a ina ake samun allurar da nawa take, ya ware kuɗin kafin na rago, ya kuma gaya wa iyayenta in za a kai ta goyon ciki, domin a hannunsu za ta haihu, su ne za su yanke shawarar fita da ita a kwanakin nan uku. Ita kuma matar ta riƙe kalma ɗaya da za ta faɗa wa duk ma'aikacin da ya karɓe ta da jini ko naƙuda ko faɗuwa, tun kafin ya tambaye ta: "Jinina negetif ne."